Yaya da ƙaninta: hawan jinin da asibiti ya zuzuta, da wanda ya ɓoye wa asibiti

Ma'aikaciyar jinya ce ni a sashen masu hawan jini da ciwon suga na wani asibiti a Kano. Abin da zan ba da shaida a kansa labarin wasu 'yan'uwa biyu ne, uwa ɗaya uba ɗaya, waɗanda suka yarda a faɗi abin da ya same su muddin ba a kama suna ba. Babbar zan kira ta Hajiya. Ƙaramin kuma Auta, yadda ita take kiransa har yau, duk da furfurar da ta fara keto masa a gemu. Awon asibiti ya ruɗe mu a kan su biyun, ita ya ɗora mata abin da ba ta kai ba, shi kuma ya wanke shi alhali ciwon yana cinsa. Littafin makaranta mai shafi arba'in da na'urar awo ta gida ne suka raba gardamar.

Hajiya tana da shekara 61, kuma hawan jininta na gaskiya ne, ba a musu a kansa. An gano shi tun bayan haihuwarta ta ƙarshe, aka ɗora ta a kan amlodifin miligiram 5, ta zauna lafiya shekaru. Daga baya sai lambarta ta ƙi sauka a ɗakin likita. Yau 160/94, wata mai zuwa 156/90, bayansa 162/92. Aka mayar da amlodifin miligiram 10. Lambar ba ta motsa ba, aka ƙara mata ƙwayar nan mai sa fitsari. Daga nan ta fara kawo ƙorafin da ba ta saba kawowa ba. In ta ɗago daga sujada sai ta ga duhu-duhu, sai ta dafa bango. Ƙafafunta sun ɗan kumbura, abin da amlodifin mai yawa ya saba jawowa. Wata rana ta miƙe daga kujerar tsakar gida za ta sauke tukunya, jiri ya kwashe ta, Allah ya kiyaye ba ta faɗa kan murhu ba. A gida aka ce ai jinin ne ya hau, aka ƙara tsananta mata shan magani a kan lokaci.

Wannan haɗin, wato lamba a sama a asibiti ga kuma jiri in an miƙe tsaye, duk wanda ya daɗe a wannan aikin ya san ba magani ake ƙarawa ba, tsayawa ake a sake dubawa. Jiri a lokacin miƙewa ya fi zama alamar jini ya yi ƙasa fiye da ya hau. Likita ya sa aka auna ta a zaune, aka samu 158/92, sannan ta miƙe aka sake aunawa bayan minti ɗaya, lambar sama ta zube da fiye da maki ashirin. Bugun zuciyarta kuma a zaune yana neman ɗari. Na tambaye ta ko tsoro take ji, ta ce, “Wallahi Sista ba na jin komai, ai na saba da ku.” Gaskiya ta faɗa. Mutane da yawa da jininsu ke hawa a gaban farar rigar likita ba sa jin fargaba ko kaɗan, jikin ne yake zabura da kansa ba tare da ya nemi izinin mai shi ba.

An daɗe da auna wannan zaburar. A shekarar 1983, Giuseppe Mancia da abokan aikinsa a Milan sun sa wa marasa lafiya na'urar da ke bin matsin jini daga cikin jijiya ba tsayawa, sannan likita ya shigo kamar zai yi awo. Cikin mintuna huɗu na farko lambar sama takan tashi da kusan maki 27 a matsakaici, ta ƙasa da kusan 15, kafin su fara sauka a hankali. Da suka sake gwajin bayan wasu shekaru, sai suka ga in ma'aikaciyar jinya ce ta shigo, tashin kusan rabin na likita ne. Dalili ke nan da awon da muke yi a baranda yakan fi na cikin ofis ƙasa. A 1988 kuma Thomas Pickering a New York ya nuna cewa cikin masu lambar da ta ɗan haura iyaka a asibiti, kusan mutum ɗaya cikin biyar jininsu daidai yake in sun koma harkokinsu.

A nan akwai bambancin da ya kamata a riƙe. Akwai wanda ba ya shan magani, lambarsa tana hawa a asibiti kawai, a gida lafiya lau. Wannan ba a gaggawar ɗora shi a kan magani, amma ba a sallamarsa gaba ɗaya, domin irinsu sun fi sauran mutane saurin kamuwa da hawan jini na dindindin, sai a riƙa sake dubawa duk shekara. Akwai kuma irin Hajiya, mai ciwon ce tabbas, tana shan magani, maganin yana aiki, amma asibiti yana ƙara mata maki a kan ainihin lambarta. Haɗarin da ke kanta shi ne a yi ta loda mata ƙwayoyi ana bin lambar da ba ta gidanta ba, har a kai ta ga faɗuwa. Ga tsohuwa, faɗuwa ɗaya tana iya zama karayar ƙugu.

Likita ya ce a yi awon gida na kwana bakwai kafin a taɓa maganin. Auta ne ya sayo na'urar, irin wadda ake ɗaurawa a damtse, ba ta wuyan hannu ba. Ta wuyan hannu tana da saurin kuskure, domin hannun ya ɗan sauka ko ya ɗan ɗaga daga saitin zuciya lambar ta canza. Mun ce masa kafin ya biya ya duba sunan na'urar a shafin stridebp.org, inda ake jera waɗanda aka gwada aka tabbatar, domin kasuwa cike take da masu kyan kwali da ba wanda ya taɓa gwada su. Sannan muka zagaya damtsen Hajiya da tef ɗin tela a tsakiya, tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, muka samu santimita 29. Maɗaurin da yakan zo da yawancin na'urori na damtse mai santimita 22 zuwa 32 ne, don haka ya yi mata daidai.

Yadda aka koya mata zama shi ne rabin aikin. Da safe, bayan sallar asuba da lazimi, kafin ta karya kumallo kuma kafin ta sha maganin safe, ta fara yin fitsari, domin cikakkiyar mara tana ɗaga lamba. Sai ta zauna a kujera mai majingini, bayanta a jingine, tafin ƙafafunta biyu a ƙasa, ba ta harɗe su ba. Hajiya ta fi son tabarma, kuma nan ne aka ɗan ja da ita, amma zaman tabarma da naɗe ƙafa ba majingini yana ƙara maki. Hannun a ɗora shi a kan tebur ko tulin matasai yadda tsakiyar damtse zai yi saiti da tsakiyar ƙirji. In hannu yana reto a gefe ko yana kan cinya, lambar takan ƙaru da 'yan maki. Maɗaurin a kan fata yake zama, gefensa na ƙasa kamar yatsa biyu sama da lanƙwasar gwiwar hannu, robar iskar tana bin cikin hannu. Kada a naɗe hannun riga ya shaƙe damtse, gara a zare hannun daga rigar a ƙarƙashin hijabi. Sai ta yi shiru minti biyar cur, ba waya, ba amsa sallama, ba yi wa jika faɗa. Ta danna, ta rubuta. Ta jira minti ɗaya, ta sake dannawa, ta rubuta. Da yamma a maimaita haka bayan magariba kafin tuwon dare. Cikin rabin awa kafin kowane awo, ba goro, ba shayi mai ƙarfi, ba kofi, ba taba, ba aikin ƙarfi. Ranar farko an auna hannu biyu, na dama ya fi da maki huɗu, aka tsaya a kansa har ƙarshe.

Lambobi uku ne suke fitowa a fuskar na'urar. SYS ita ce ta sama, DIA ta ƙasa, ta ukun da aka rubuta PULSE bugun zuciya ne. Jikarta 'yar sakandare ta ja layuka a littafin: rana, lokaci, awo na ɗaya, awo na biyu. Mun gargaɗe su a rubuta duk abin da ya fito yadda ya fito, in 127 ne kada a mayar da shi 130, kuma kada a yi ta dannawa har sai an samu lambar da rai yake so sannan a rubuta ita kaɗai. Masu yin haka suna da yawa, wasu don su faranta wa likita, wasu don kada a ƙara musu magani.

Awo huɗu a rana, kwana bakwai, ya kama 28. Ana zubar da huɗun ranar farko, saura 24. Littafin Hajiya ya nuna dalilin zubarwar ƙarara: safiyar farko 146/88, sannan 138/84, domin sabuwar na'ura ma tana da nata kwarjinin. Daga rana ta biyu lambobin suka kwanta. Aka tara lambobin sama guda 24 suka ba da 2,736, aka raba da 24, ya zama 114. Na ƙasa suka ba da 1,656, wato 69. Matsakaicin Hajiya a gida 114/69, a asibiti 158/92. Tazarar maki 44 a sama, 23 a ƙasa. Mu a wurinmu da zarar tazarar ta wuce 20 a sama ko 10 a ƙasa, mun san farar riga tana da hannu.

Iyakar da ake auna lambar gida da ita ba ɗaya take da ta asibiti ba, kuma nan mutane suke yawan kuskure. A asibiti hawan jini yana farawa daga 140/90. A gida daga 135/85 yake farawa, domin ana sa ran mutum ya fi natsuwa a ɗakinsa. Ko ɗaya daga cikin lambobin biyu ce ta kai iyakar, ya isa. Amurkawa tun 2017 sun sauko da tasu zuwa 130/80, amma 135/85 ita ce wadda aka fi aiki da ita a nan da Turai. Mutumin da ya samu 138/87 a gida ya ce ai bai kai 140 ba, ya riga ya tsallaka.

Likita ya cire mata ƙwayar fitsarin, ya bar amlodifin, daga baya ya mayar da shi miligiram 5. Ba ita ta rage da kanta ba, kuma wannan ina so a ji shi da kyau, domin littafin awo na kai wa likita ne, ba lasisin wasa da magani ba ne. Bayan wata guda ta sake yin kwana bakwai, matsakaicin ya dawo 127/78. Jirin ya tafi, kumburin ƙafa ya saɓe. A ɗakin likita kuwa har yanzu 156/90 take bayarwa, kuma mai yiwuwa haka za ta ci gaba. An rubuta a bangon katinta da jan biro cewa da awon gida ake yi mata hukunci, saboda duk sabon likitan da ya karɓe ta kada ya koma gidan jiya.

Nata ke nan, kuma shi ne mai sauƙin. Na Auta ya fi ba ni tsoro.

Auta yana da shekara 47, dillalin hatsi ne a Dawanau, mutum mai jiki, mai fara'a, wanda bai taɓa kwanciya a asibiti ba. Shi yake kawo yayarsa a mota duk ranar ganin likita, kuma tunda yana zaune a benci yakan miƙo hannu ya ce, “Sista, a duba ni ni ma.” Lambarsa kullum tsakanin 132/84 da 136/86. Mukan ce masa ba laifi, a dai rage gishiri. Shi kuma ya juya ya tsokani Hajiya: “Yaya, kin gani ko? Ke kika gaji Inna, ni Baba na biyo.” Mahaifiyarsu shanyewar ɓarin jiki ce ajalinta.

A makon da Hajiya take awonta, wata safiya ya biyo gaishe ta, ya ɗaura na'urar don wasa. Ta nuna 163/101. Ya ce na'urar banza ce, an cuce shi. Hajiya ba ta bar maganar ta wuce ba. Ranar da suka kawo littafin ta ce, “Auta, faɗa wa Sista abin da ta nuna maka, in ba haka ba ni zan faɗa.”

Awo ɗaya ba hujja ba ne, musamman wanda aka yi daga shigowa, da goro a baki, ana hira. Kuma zarginsa ga na'urar yana da ɗan tushe, sai dai ba inda ya zata ba. Da muka auna damtsensa santimita 36 ne. Maɗaurin Hajiya ya yi masa kaɗan, kuma ƙaramin maɗauri a babban damtse yana ƙara maki, domin sai na'urar ta hura iska fiye da ƙima kafin ta danne jijiyar. Aka sa ya nemo babba, na santimita 32 zuwa 42. Sannan ya kawo na'urar asibiti, muka zaunar da shi minti biyar, muka auna da tamu, muka auna da tasa, muka sake da tamu, a hannu ɗaya, minti ɗaya tsakani. Tamu ta ba da 134/85 da 133/84, tasa 135/85. Na'urar ba ta da laifi. A bencinmu ita ma lafiya take ba shi. Saura a ga abin da za ta faɗa a gidansa.

Ya yi kwana bakwai da nasa littafin daban. Mun hana su dogara da ma'ajiyar na'urar, domin mutum biyu a na'ura ɗaya lambobinsu cakuɗewa suke yi, a ƙarshe ta fitar da matsakaicin da ba na kowa ba. Bayan zubar da ranar farko, lambobin sama 24 suka tashi 3,552, na ƙasa 2,256. Matsakaici 148/94. Da aka raba safe da yamma sai wani abu ya ƙara fitowa: na safe suna kewayen 154, na yamma 142. Ba rana ɗaya da ya sauka ƙasa da 135/85. Mutumin da asibiti ya yi shekaru yana cewa ba laifi, ashe da hawan jini yake kwana yake tashi.

Me ya sa yake ɓuya a wurinmu? In aka bi ranar asibitin Auta daki-daki, amsar tana ciki. Yakan fito ba tare da ya tsaya wurin mai shayi ba, saboda sauri. A harabar asibiti ba ya shan sigari, ba ya cin goro a gaban yayarsa don tana yi masa faɗa. Yakan zauna awa biyu ko uku a inuwa, ba ciniki, ba direban tirela da ya maƙale a hanya, ba mai bin bashi. Lokacin da za mu auna shi wajen ƙarfe sha ɗaya, tashin da jini yake yi da sassafe ya riga ya lafa. Wato muna auna shi a sa'ar da ta fi kowace sa'a natsuwa a watansa. Sauran kwanakin kuwa, goro daga safe zuwa dare, sigari, shayi mai kauri sau uku, abincin kasuwa da ya ji magi da gishiri, da dikulofenak da yake saye a kemis kusan kullum don ciwon baya. Magungunan ciwon jiki irin su dikulofenak da ibufurofen suna sa jiki ya riƙe gishiri da ruwa, suna ɗaga jini, suna kuma wahalar da ƙoda. Matarsa ta ƙara da cewa yana munshari mai ƙarfi, har numfashinsa yakan ɗauke ya dawo da zabura. Wannan ɗaukewar numfashi a barci tana cikin manyan abubuwan da ke hana jini sauka da dare, kuma tana barin lambar safe a sama.

Abin da ya sa na ce nasa ya fi ban tsoro shi ne ba wanda yake nemansa. Mai hawan jinin farar riga lambarsa tana ihu a gaban likita, dole a kula shi. Mai ɓoyayyen hawan jini kuwa da “Alhamdulillahi, lafiya lau” ake sallamarsa. Binciken da aka yi shekaru ana bin mutane a garin Ohasama na Japan da kuma Monza ta Italiya ya nuna haɗarin da ke kan irin waɗannan, na shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya, ya kusa da na wanda jininsa yake sama ko'ina. Kuma ba su da wuyar samu: cikin waɗanda awon asibiti ya wanke, ana samun kamar ɗaya cikin bakwai zuwa goma da suke ɗauke da shi.

Likita bai tsaya ga littafin kaɗai ba, ya nemi sawun ciwon a jiki. Gwajin fitsari ya nuna furotin yana ɗan zuba, alamar matatar ƙoda ta fara jin matsi. Awon lantarkin zuciya ya nuna alamar bangon ɓangaren hagu ya yi kauri, hoton zuciya ya tabbatar. Tsoka ce, in ta daɗe tana tura jini da ƙarfi sai ta yi kauri, kamar damtsen maƙeri. Wannan ba aikin wata ɗaya ba ne. Suga da sauran gwajin ƙoda sun fito daidai. Aka fara masa amlodifin miligiram 5, aka haɗa da losatan saboda furotin ɗin, aka ce ya dawo gwajin ƙoda da sinadarin fotasiyam bayan mako biyu, kamar yadda ake yi wa duk wanda aka ɗora a kan losatan. Dikulofenak aka hana shi gaba ɗaya. Sigari ya bari da ƙyar. Goro dai har yanzu ana fama, ya ce a bar masa ɗaya bayan azahar.

Matsalar bin irin Auta ita ce awonmu ba zai taɓa gaya mana ko maganin yana aiki ba, tunda tun asali bai ga ciwon ba. Wata biyu da fara magani ya ba da 124/78 a bencinmu, a gida kuma 139/88, wato da saura. Aka ƙara amlodifin zuwa miligiram 10, zagaye na gaba ya kawo 130/81. Da lambar asibiti aka bi, da an tsaya tun a matakin farko ana murna.

Wannan yana faruwa har ga waɗanda suka daɗe a kan magani, ta wata hanya da ba a cika lura da ita ba. Mutum yana wasa da ƙwayoyinsa duk wata, ranar asibiti sai ya haɗiye su da asuba, ya zo mu auna shi daidai lokacin da maganin yake kan ganiyarsa. Ko kuma maganin ne ba ya kai awa 24, ƙarfinsa ya ƙare kafin gari ya waye. Awon safe kafin shan magani shi yake tona wannan, domin a lokacin ne maganin jiya ya fi rauni. In na yamma yana kyau na safe yana sama, a kai wa likita littafin ya duba irin maganin da lokacin shansa.

Ba kowa ne zai sayi na'ura ba, kuɗinta ba kaɗan ba ne, amma gida ɗaya ko zuri'a ɗaya suna iya haɗa kuɗi su saya su riƙa karɓa-karɓa, mako-mako, in dai an kula da girman maɗauri. A ganina waɗanda bai kamata su tsaya ga awon asibiti ba su ne masu lambar da take yawo tsakanin 130 da 139 a sama ko 85 da 89 a ƙasa, musamman namiji mai matsakaicin shekaru, mai ƙiba, mai shan taba, mai aikin tashin hankali, ko mai suga, ko mai ciwon ƙoda, ko wanda iyayensa suka yi hawan jini. Haka wanda gwaji ya nuna kaurin zuciya ko furotin a fitsari alhali lambarsa tana kyau. A ɗaya ɓangaren kuma, wanda aka samu tsakanin 140/90 da 159/99 a karon farko ba tare da wata alamar lahani ba, ya cancanci kwana bakwai a gida kafin a yanke masa shan magani na tsawon rai. In kwana bakwai ba zai samu ba, uku shi ne mafi ƙaranci.

Awon gida ma yana da inda ya tsaya. Ba ya ganin abin da ke faruwa a tsakiyar kasuwa, ba ya ganin na cikin barci. Akwai mutanen da safe da yamma lafiya, amma da dare jininsu ba ya sauka. Su sai na'urar da ake ɗaura wa mutum ya yini ya kwana da ita, tana awo da kanta duk minti ashirin ko talatin, wadda akan samu a manyan asibitocin koyarwa. A wannan awon iyakar yini da dare gaba ɗaya 130/80 ce, ta barci kuma 120/70. In littafin gida ya faɗo a bakin iyaka, ko ya ce lafiya amma zuciya da ƙoda suna cewa akasin haka, can ake turawa. Wanda bugun zuciyarsa ba ya tafiya a jere, na'urar gida tana iya ruɗewa a kansa, kuma yawancinsu suna nuna wata 'yar alama in sun ji haka, sai a faɗa wa likita. Mai juna biyu kuma kada ta tsaya tara kwana bakwai, in ta ga 140/90 ta tafi wurin awon ciki a ranar. Batir mai rauni da robar iska da ta tsage su ma suna ɓata lamba, shi ya sa muke so a kawo na'urar a gwada ta da tamu sau ɗaya a shekara.

Kuskuren da na fi gani bayan mutum ya mallaki na'ura shi ne ya mayar da ita abin dubawa duk sanda kansa ya sara ko ransa ya ɓaci. Ciwon da ɓacin ran su ne za su ɗaga lambar, lambar ta tsorata shi, ya sake dannawa ta ƙara hawa. Hajiya ta fara wannan, har sau goma a yini, sai da aka karɓe na'urar aka ba jikarta ajiya. Tsarin da aka bar su a kai shi ne kwana bakwai kafin kowace ranar ganin likita da kuma bayan an canza magani, tsakanin haka sau ɗaya ko biyu a mako.

Lamba ɗaya ce ba a jira da ita. In na'ura ta nuna 180/120 ko fiye, a zauna shiru minti biyar a sake. In tana nan, a ga likita a ranar, kada a ce ai farar riga ce ko na'ura ce. In kuma tare da ita akwai ciwon ƙirji, ko sarƙewar numfashi, ko baki ya karkace, ko hannu ko ƙafa ta mutu, ko magana ta harɗe, ko gani ya dushe, ba a sake awo ma, a ɗauki mutum zuwa sashen gaggawa nan take.